Layin ya kwanta a tsakiyar zango: kafin ka ce 'yan rukuninku malalata ne, buɗe allo ka duba

Wannan rubutu na ɗalibanmu 'yan Arewa ne masu karatun kwamfuta a nan Kudu, da waɗanda ke zaman SIWES a kamfanonin manhaja na Legas da Ibadan da Fatakwal. Yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya adana shi ya karanta daga baya.

Lokacin aikin rukuni ya zo, kuma kowa ya san abin da za a fara gani a zaurukan WhatsApp. Shugaban rukuni zai ɗauko hoton jadawalin nan mai layi biyu, ya zagaye inda layin ya kwanta da ja, ya turo da ƙarfe 11 na dare, ya ce kwana uku ke nan ba wanda ya taɓuka komai. Daga nan sai cacar baki. Wani ya ce shi bai yi barci ba jiya, wata ta ce ta gama nata tun ranar Laraba, wani ya yi shiru kawai. Ƙarshenta sunan wani ya isa wurin malami a matsayin wanda bai yi aiki ba, maki ya tafi, zumunci ma ya tafi.

Abin da nake so in faɗa shi ne, mafi yawan lokuta wannan fassarar kuskure ce. Layin da ya kwanta a tsakiyar zango bai cika nufin ba a aiki ba. Abin da ya fi nufi shi ne ana ta fara ayyuka amma ba a rufe su. Kuma shugaban da ya ga haka ya ce "kowa ya ƙara himma", wallahi sau da yawa ƙara dagula lamarin yake yi.

Bari mu fara da shi kansa jadawalin, saboda ƙannenmu da ba su kai ga wannan kwas ɗin ba. A tsarin aiki na Scrum, wanda Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka gabatar a 1995, ana yanka aiki gida-gida, kowane gida bai wuce wata ɗaya ba, yawanci mako biyu. A kan kwamfuta za ka ga an rubuta `Sprint`, ni a nan zan riƙa ce masa zango. A farkon zango rukuni zai zaɓi ayyukan da zai iya gamawa, a rubuta kowanne a kati, a ba kowane kati maki gwargwadon nauyinsa. Makin nan ba awoyi ba ne, kwatance ne kawai: kati mai maki 8 ya fi mai maki 3 nauyi da rikitarwa. Sai a jera katunan a allo mai sahu-sahu, daga `To Do` zuwa `In Progress`, wasu su ƙara `In Review`, sannan na ƙarshe `Done`.

Jadawalin da ake kira `Burndown Chart` abu ɗaya yake nunawa: maki nawa suka rage a kowace rana. Kwanaki suna tafiya daga hagu zuwa dama, sauran aiki kuma daga sama zuwa ƙasa. A Jira akwai layi mai ruwan toka, `Guideline`, wanda ke gangarowa daga jimillar maki zuwa sifili. Wannan lissafi ne kawai, ba wanda ya taɓa yin aiki a kansa daidai wa daida. Sai jan layi, `Remaining Values`, wanda shi ne na gaskiya.

To ga inda maganar take. In ana lissafi da maki, jan layin nan ba ya motsi sai kati ya isa sahun ƙarshe na dama. Katin da aka yi kashi 90 cikin 100 na aikinsa, a wurin jadawali daidai yake da wanda ba a taɓa ba. Mai maki 8 yana nan a 8 har ranar da aka rufe shi, ranar kuma sai ya faɗo gaba ɗaya. Ko ƙananan ayyukan da kuka yanka a ƙarƙashin kati, waɗanda Jira ke kira `Subtask`, rufe su ba ya saukar da layin maki. Jadawalin bai san wanda ya kwana a gaban kwamfuta ba. Kamar tela ne ana saura kwana huɗu Sallah: ya yanka yadi goma, ya haɗa hannun wannan, ya yi wuyan wancan, keke bai huta ba. Amma in ka tambaye shi kaya nawa za a iya sawa yau, babu ko ɗaya. Ba wanda zai ce telan nan malalaci ne. Matsalarsa daban ce, maganinta ma daban ne.

Mu ɗauki misali mu bi shi da lissafi. Rukuni ne na mutum biyar, suna gina manhajar rabon ɗakunan kwanan ɗalibai. Zango na mako biyu, wato kwanakin aiki 10. Sun ɗauki kati 10, jimillar maki 40. Layin toka ke nan zai riƙa sauka da maki 4 kowace rana. Ga yadda abin ya kasance zuwa rana ta 6:

```
Rana        0   1   2   3   4   5   6
Layin toka  40  36  32  28  24  20  16
Jan layi    40  40  37  32  32  32  32
```

Ranar farko ba a rufe komai ba, wannan ba abin damuwa ba ne, kusan kullum haka take. Rana ta 2 da ta 3 an rufe ƙananan katuna uku: teburan ma'ajiyar bayanai mai maki 3, shafin rajista mai 3, da shafin jerin gidajen kwana mai 2. Daga nan layin ya tsaya cak a 32. A rana ta 6 ya kamata a ce saura 16, amma ninkin haka ne ya rage. In za a gama komai a kwana huɗun da suka saura, sai an riƙa rufe maki 8 kullum, alhali 8 ɗin nan ita ce duk abin da aka rufe a kwana shida.

Hoton da shugaba zai tura ke nan, kuma lallai abin tsoro ne. Amma jadawalin ya faɗi iya abin da ya sani. Ya ce akwai matsala, bai ce wace iri ba. Amsar tana kan allo, inda maki 32 ɗin nan suke zaune.

In aka buɗe allon wannan rukuni, kati ɗaya tak ne a `To Do`, na sauya kalmar sirri in an manta, mai maki 3. A `In Progress` akwai uku: zaɓen ɗaki mai maki 8, rahoton ɗakunan da suka cika mai 5, da shigo da jerin ɗakuna daga fayil mai 3. A `In Review` kuma akwai uku: shafin shiga mai 5, shafin mai kula da gidajen kwana mai 5, da buga takardar shaidar ɗaki mai 3. Wato maki 13 an rubuta su an gama, suna jiran a duba kawai.

Waye ke dubawa? Shugaban rukuni. Shi ya fi kowa iya rubuta kod, saboda haka tun farko aka yarda shi kaɗai zai riƙa duba kowane `Pull request` ya haɗa shi da babban reshe. Kuma da yake shi ne gwani, shi ya ɗauki kati mafi nauyi, mai maki 8. Tun rana ta 3 kansa yana cikin wannan kati, yana cewa bari in gama tukuna in duba na sauran. Kun gane? Wanda ya turo hoton da jan zagaye, a ƙofarsa layin ya kwanta. Ba mugunta ya yi ba, ba kuma lalaci ba, ƙila ma ya fi kowa wahala. Tsarin ne ya sa komai sai ya bi ta hannun mutum ɗaya da ba shi da lokaci.

Yanzu ku duba abin da zai faru in aka bi umarnin "kowa ya ƙara himma". Wadda ta gama shafin shiga tana jiran a duba, ba ta son a ce ta zauna, sai ta jawo katin ƙarshe na `To Do` ta fara. Katunan da ke buɗe sun tashi daga shida zuwa bakwai, wanda ya fita har yanzu babu. In ta gama shi ma jerin jira zai shiga. Kuma duk kwanan da kod ya ƙara yana jira, babban reshe yana canzawa a bayansa, ranar haɗawa sai ka ga saƙon `merge conflict` a fayiloli uku huɗu. Aikin da zai ci minti 20 in an duba shi da zafinsa, sai ya koma na yini guda.

Akwai wani lissafi mai sauƙi da ke bayyana wannan, wanda John Little ya tabbatar a 1961. A taƙaice, tsawon lokacin da abu ke ɗauka a cikin tsari daidai yake da yawan abubuwan da ke ciki, a raba da saurin fitarsu. Rukunin nan ya rufe kati 3 a kwana 6, wato rabin kati a rana. Katunan da ke buɗe 6 ne. Shida a raba da rabi, kwana 12 ke nan, a zangon da gaba ɗayansa kwana 10 ne. Ba na cewa ku ɗauki 12 ɗin nan kamar wahayi, domin ƙa'idar tana magana ne a kan matsakaici na dogon lokaci, ba kwana shida ba. Amma alkiblar da take nunawa gaskiya ce: in saurin fita bai canza ba, kowane sabon kati da aka buɗe tsawaita jiran sauran yake yi.

Shi ya sa nake ganin tambayar da ta dace a taron tsaye na rana ta 7 ba "me kowa ya yi jiya" ba ce. Wannan tambaya kowa yana da amsarta, kuma duk gaskiya za su faɗa. A fara daga dama na allon, a ɗauki katin da ya fi kusa da `Done`, a tambaya: me ya hana wannan rufuwa yau, kuma wa zai rufe shi? Sai na bayansa. Taron minti 15 ne, ya isa a bi katuna shida in ba a tsaya kare kai ba.

Mu ci gaba da misalinmu. A ce safiyar rana ta 7 sun yi haka. Shugaba ya ajiye katinsa, an kuma yarda mutum na biyu ya riƙa dubawa, ba wanda zai duba nasa da kansa. Shafin shiga ya wuce, buga takarda ya wuce, maki 8 sun fita, saura 24. Shafin mai kula da gidajen kwana kuwa bai wuce ba: an gano duk ɗalibin da ya shiga da asusunsa, in ya rubuta adireshin shafin da hannu, zai buɗe masa. An mayar da katin baya. Wannan yana nuna abin da bai kamata a manta ba, cewa maki 13 da ke jira ba kuɗi ba ne a aljihu. Sai an duba ake sanin nawa ne na gaske. Da an bar duban zuwa daren ƙarshe, da wannan ɓaraka a gaban malami za ta fito.

Saura 24 da kwana uku, layin toka kuma yana kan 12. Har yanzu ba za a gama duka ba, kuma gara a faɗa tun yau. A Scrum ba a ƙara wa zango kwana. Abin da ake yi shi ne a koma wurin mai aikin, wanda a makaranta yawanci malamin da ke kula da ku ne ko wanda kuka naɗa a madadinsa, a ce masa ga abin da zai samu ga wanda ba zai samu ba. Manufar zangon ita ce ɗalibi ya iya shiga ya zaɓi ɗaki. Rahoto mai maki 5 da sauya kalmar sirri mai 3 ba su cikin wannan manufa, sai aka cire su aka mayar jerin jira na gaba. Wanda ke kan rahoton ya koma taimaka wa shugaba.

Nan take jan layin ya faɗo daga 24 zuwa 16. Ku lura da kyau, wannan saukar ba aiki ba ce. Ba a gina komai ba, an dai rage alƙawari. Yadda layi kan kwanta alhali ana aiki, haka kuma yakan sauka alhali ba a yi komai ba. Wanda bai san wannan ba, za a iya nuna masa kyakkyawan jadawali a kan manhajar da ba ta aiki.

Sai katin shugaba mai maki 8. Ni a ganina, a zangon kwana 10 na ɗalibai, kati mai kashi ɗaya cikin biyar na dukan aikin ya yi girma tun asali. Ko da komai yana tafiya lafiya, irin wannan kati shi kaɗai ya isa ya kwantar da layi na kwanaki, kuma ba wanda zai iya sanin ko ana gaba ko an ɓace. Suka yanka shi uku: nuna ɗakunan da babu kowa, maki 3, zaɓen ɗaki da adana zaɓin, maki 3, hana mutum biyu kama gado ɗaya a lokaci guda, maki 2. Yankan nan na kirki ne saboda kowane yanki ana iya gwada shi a gani da ido. Yankan banza shi ne a ce "ɓangaren gaba" da "ɓangaren baya", domin ba ɗayan da za a iya cewa ya gamu sai ɗayan ya zo.

Rana ta 8 an gyara shafin mai kula, an rufe yankin farko, saura 8. Rana ta 9 yanki na biyu, saura 5. Rana ta 10 aka rufe katin shigo da fayil, saura 2. An gama maki 30 cikin 40. An cire 8 da sanin kowa, 2 kuma ba su samu ba, sun koma jerin jira. Layin bai taɓa sifili ba, amma akwai manhajar da za a buɗe a nuna, kuma kowa ya san ainihin abin da ya rage mata.

Katin shigo da fayil ɗin nan yana da nasa labarin, kuma shi ne ya fi shafar mu. Tun rana ta 4 yake tsaye, saboda wanda ke riƙe da shi yana jiran a ba shi samfurin jerin ɗakuna daga wani ofis, ba a ba shi ba. Kullum a taro sai ya ce "ina kai". Ba ƙarya ya yi ba, yana kai ɗin, amma ba ya motsi. Na sha ganin wannan a tsakaninmu. In kai kaɗai ne ɗan Arewa a rukuni, akwai wani nauyi da kake ji, ba ka son a ce ga shi nan, dama mun faɗa. Sai ka haɗiye matsalarka kwana uku kana fata ta warware da kanta. Ɗan uwa, 'yar uwa, kunya adon mutum ce a gaban surukai, amma a taron tsaye tsada gare ta. In ka ce "na maƙale, ina jiran fayil tun Alhamis", matsalar ta zama ta rukuni, wani zai ce ai na san sakataren ofishin, ko a yarda da malami a ƙirƙiri fayil na gwaji mai irin wannan tsarin. In ka yi shiru kuwa, ranar da aka zo neman wanda ya kwantar da layi, katin da ya fi daɗewa bai motsa ba sunanka ne a kai. A Jira akwai `Add flag`, wanda ke canza launin kati kowa ya gani. A allon bango kuma jar takarda ta isa. Sa alamar a ranar da ka maƙale, ka rubuta me kake jira da kuma wurin wa.

Ban ce kullum wannan ne dalili ba. Akwai wasu guda biyu da suke ba da hoto iri ɗaya, kuma bambance su ba wuya.

Na farko, an yi aikin an haɗa shi, ba a dai ja katin ba. Wannan ya yi yawa a rukunonin da aka tilasta wa amfani da allo saboda maki, ba don suna buƙatarsa ba. Alamarsa ita ce layi ya miƙe samɓal har daren ƙarshe, sannan ya faɗo kamar an tunkuɗo shi daga bene. In kana zargin haka, minti ɗaya ya isa:

```
git log --all --since="4 days ago" --oneline
```

In ka ga an haɗa ayyuka da babban reshe alhali katunansu suna `In Progress`, to aikin lafiya lau, allon ne ya tsufa. Abu ne mai sauƙin gyara, amma kada a raina shi. Amfanin jadawalin gaba ɗaya shi ne ya yi maka gargaɗi a rana ta 5, lokacin da akwai sauran dabara. Wanda aka cike a daren ƙarshe tarihi ne kawai.

Na biyu ya fi wayo. An rufe kati mai maki 5, a ranar kuma malami ya ce a ƙara tura saƙon imel ga wanda ya samu ɗaki, aka sa sabon kati mai maki 5. Biyar ta fita, biyar ta shigo. In da hannu kuke zana jadawalin, ko a Excel kuke rubuta lamba ɗaya kowace yamma, za ku ga 32 jiya, 32 yau, kamar ba abin da ya faru. A Jira teburin da ke ƙasan jadawalin zai tona asirin, za ka ga `Scope change` a gefen katin da aka ƙara. Masu yi da hannu kuma su ƙara sahu ɗaya a teburinsu, na jimillar aikin da aka ɗauka, ban da na sauran aiki. In jimillar ta tashi daga 40 zuwa 45, ba sai an yi gardama ba. Wannan ne ma dalilin da ya sa wasu suka fi son ɗan uwan jadawalin, `Burnup Chart`, mai nuna layin jimilla daban da na abin da aka gama. A irin wannan hali, wanda ya kamata a yi wa magana shi ne mai ƙara aikin, cikin ladabi: "Malam, in wannan zai shiga, wanne za mu fitar?"

Wata 'yar fadakarwa ga masu SIWES. Wasu kamfanoni ba da maki suke zana jadawalin ba, da awoyin da suka rage suke yi. A can kwanciyar layi tana da wata ma'ana dabam: mutum ya yi aikin awa shida, ya gano akwai wasu awa shida da ba a hango ba, sai ragowar ta tsaya inda take. Wannan alama ce ta cewa ƙiyasin farko bai kama gaskiya ba. Saboda haka kafin ka buɗe baki a taro, duba gefen hagu na jadawalin ka ga me ake ƙirgawa.

Sannan layin tokan nan kansa, kada mu ba shi girman da bai kai ba. Yana ɗauka cewa duk ranakun aiki ɗaya suke, Asabar da Lahadi kuma hutu ne, shi ya sa a Jira za ka ga shi ma ya kwanta a ranakun hutu. Ɗalibi kuwa akasin haka yake rayuwa. Litinin zuwa Alhamis lacca, ga gwaji a tsakiya, ga wuta da ba ta da alƙawari, sai ƙarshen mako ne yake samun zama. In kun san rana ta 4 da ta 5 akwai gwajin wani kwas, ko biyu daga cikinku za su hau motar dare zuwa Kano ko Sakkwato hutun Sallah, to ku zana naku layin tun farkon zango, ku kwantar da shi a waɗannan ranaku, ku kuma rage makin da za ku ɗauka. Kwanciyar da aka shirya mata ba ta tayar da hankalin kowa.

To yaushe ne lalaci ne da gaske? Akwai shi mana, ba zan rufe ido ba. Amma kamanninsa daban ne: katuna cunkushe a `To Do`, sahun tsakiya fayau, `git log` shiru, ba reshe sabo, ba tambaya a zaure. In ka ga wannan, yi magana, kana da hujja. Sai dai hujjar daga allo da tarihin kod ta fito, ba daga jadawali ba. Jadawalin ma ai na rukuni ne, ba ya ɗauke da sunan kowa. Littafin jagora na Scrum, bugun 2020, ya ambaci irin waɗannan jadawalai ne a matsayin hanyoyin hasashen ci gaba kawai, bai wajabta su ba, balle ya ce a auna mutane da su.

Wannan ne ya sa ba na goyon bayan a raba maki bisa kyawun jadawali, ko malami ne ya yi ko shugaban rukuni. Da zarar ɗalibai sun gane miƙaƙƙen layi ake saka wa, za su ba ka miƙaƙƙen layi. Za a ja kati zuwa `Done` ba a gwada ba, za a kumbura makin ƙananan ayyuka, za a cire masu wuya a ɓoye. Ɓarakar shafin mai kula da muka gani ɗazu, a irin wannan rukuni da ta wuce salin-alin, domin mayar da kati baya yana ɓata hoto.

Rukunin misalinmu, in za su shiga zango na biyu, lambar da za su riƙe ita ce 30, ba 40 ba. Su ɗauki kusan haka, kada kati ya wuce maki 5, masu duba kod su zama biyu, kuma a yarda cewa in katuna biyu suka taru a `In Review`, ba mai jawo sabo sai an rage su. Jadawalin zangon farko kuma su kai shi gaban malami yadda yake, da kwanciyarsa ta kwana uku, su rubuta a gefen rana ta 7 cewa maki 8 na saukar nan aiki ne aka rufe, 8 kuma katuna biyu ne aka cire, da sunayensu.